Takardar likita da jarrabawar yaranmu masu buƙata ta musamman



Duk shekara idan lokacin WAEC da JAMB ya matso, sai mun ji wani gida yana kuka cewa yaronsu mai larurar gani ko ji ya shiga ɗakin jarrabawa an ba shi takarda irin ta kowa, an kuma karɓe ta a lokacin da aka karɓe ta kowa. Mun zauna da iyaye da dama a kan wannan, kuma abin da muka gano kusan iri ɗaya ne. Ba a ranar jarrabawa ake neman sauƙi ba. Ana nemansa ne a ranar rajista, watanni kafin nan. Mai sa ido da aka turo ɗakin jarrabawa ba shi da ikon buga sabuwar takarda mai manyan haruffa, komai tausayinsa. Abin da aka rubuta a rajista shi ake ƙullowa a turo masa.

Haƙƙin dai yana nan a rubuce. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. WAEC ta daɗe tana rubuta a ƙasan jadawalinta cewa makafi da kurame za a ba su lokacin sauran ɗalibai da ƙarin rabinsa. Wato takardar awa 2 ta zama awa 3. JAMB kuma, tun 2017 a ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta kafa wani kwamiti mai suna JEOG wanda Farfesa Peter Okebukola ya jagoranta, domin shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, inda ake karanto musu tambayoyi su amsa da rubutun makafi ko na'urar da suka saba da ita. Bauchi na cikin garuruwan da aka yi irin wannan cibiya.

To ina gizo ke saƙa? A takardar likita.

Bari mu kawo misalin wata yarinya zabiya a unguwar nan, 'yar aji shida a sakandare. Mahaifinta ya je asibiti ya karɓo takarda, kuma abin da ke cikinta layi biyu ne: ana shaida cewa wance zabiya ce, tana da matsalar ido, a taimaka mata. Da ya nuna mana, muka ce masa: Baba, wannan takardar gaskiya ta faɗa, amma ba za ta yi aiki ba. Jami'in da zai karanta ta ba likita ba ne. Bai san me zabiyanci ke yi wa ido ba, kuma kalmar "a taimaka" ba ta gaya masa abin da zai yi ba. Ya ƙara lokaci ne? Ya canza mata wurin zama? Idan takarda ta bar shi da tambaya, ajiye ta zai yi.

Suka koma sashen ido, aka auna ta sosai. Takarda ta biyu ta faɗi cewa ganinta 6/60 ne ko da ta sa tabarau. Ma'anar wannan lamba ita ce, abin da mai lafiyar ido zai karanta daga nisan mita 60, ita sai ta matso mita 6 take ganinsa. Likitan ya ƙara da cewa idonta yana rawa, don haka layi yana ɓace mata tana cikin karatu, kuma haske mai ƙarfi yana kashe mata ido. Ya rubuta cewa larurar ta dindindin ce, ba a jiran ta warke. Sannan ya zayyana abin da take buƙata ƙarara: takardar tambayoyi mai manyan haruffa, ƙarin lokaci, wurin zama nesa da taga, da izinin shiga da gilashinta na ƙara girman rubutu. Wannan na ƙarshe kada a raina shi, domin duk abin da ba a ambata a takarda ba, a bakin ƙofa za a iya karɓe shi a ce kayan satar amsa ne.

Kowace buƙata a takardar an ɗaure ta da dalilinta, shi ne bambancin. Kuma takardar ta fito a kan takarda mai tambarin asibiti, da kwanan wata, da sunan likita da sa hannunsa da hatimi. A shawararmu a nemi asibitin gwamnati mai sashen da ya dace, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko Asibitin Ƙwararru na jiha. Mai larurar ji kuma gwajin ji ake yi masa, a haɗa sakamakon da takardar. Tsohuwar takarda ta lokacin da yaro yake firamare gara a sabunta ta.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kayar da mutane, wato suna. Mu nan yaro ɗaya sai ka same shi Muhammad a makaranta, Mohammed a katin asibiti, Mamman a gida. JAMB ba ta rajista sai da lambar NIN, kuma sunan da ke kanta shi za ta ɗauka. Kafin likita ya buga takarda, a miƙa masa takardar NIN ɗin ya kwafi suna da ranar haihuwa harafi da harafi.

Daga nan hanya ta rabu biyu. WAEC ta 'yan makaranta, makaranta ce ke yin rajistar, don haka takardar hannun shugaban makaranta ko malamin da ke kula da jarrabawa za ta. A rubuta gajeriyar wasiƙa a haɗa da kwafin takardar likita, a sa su buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a dawo da shi gida. Ta asalin kuma a riƙe ta, sai dai a nuna. Bayan an shigar da bayanan yara, a roƙi a ga abin da aka shigar wa naku. Mun taɓa ganin makarantar da ta karɓi takarda da fara'a, ta jefa ta a durowa, aka shigar da yaro a matsayin marar larura. Ba mugunta ba ce, malami ɗaya ne da yara ɗaruruwa a gabansa, amma yaron ne ya biya.

JAMB kuwa ɗalibi ne ke zuwa cibiyar rajista da kansa, a farkon shekara. Wanda ke zaune a gaban kwamfuta sauri yake yi, layi na jiransa. Wani babba ya raka yaron, ya tabbatar an nuna larurarsa a gurbin da aka tanada, kuma a karanta takardar da aka buga kafin a bar wurin. Wani abin lura shi ne a tambayi yaron kansa hanyar da ya saba. Wanda bai taɓa koyon rubutun makafi ba, ba a ranar jarrabawa zai fara ba.

Mun san akwai iyayen da ke ƙin wannan duka saboda ba sa son a rubuta wa 'yarsu kalmar nakasa, musamman 'ya mace, ana tunanin maganar aure gaba. Mun fahimci wannan tsoro. Sai dai takardar ba a bango ake liƙa ta ba, tsakanin likita ne da makaranta da hukumar jarrabawa, kuma ana iya roƙon shugaban makaranta ya tsare sirrin. Abin da unguwa za ta gani shi ne sakamako, a ce yarinyar da kowa ya san tana da ƙwaƙwalwa ta faɗi Turanci saboda rabin tambayoyin ba ta kai gare su ba.

Wanda ke da yaro a aji biyar yanzu, wannan zangon ya kamata ya je asibiti, tunda ganin likitan ido kan ɗauki layi, wani lokaci a ce a dawo wani mako. Mai buƙatar a rubuta masa wasiƙar makaranta ko a duba masa takarda kafin ya miƙa, ya yi wa shugabannin ƙungiya magana.