Wasiƙa zuwa ga Auta a Dapaong

Sokode, Janairu 2026

Auta,

Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida shan hantsi.

Saƙonka ya iso, kuma na ga ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka ce dangin maman yara sun fara shirin babban makokin surukinka, sun yanka wa kowane suruki rabonsa, kai kuma naka akuya ce da za a yanka wa kakanni da dawar da za a dafa cakpalo. Ka ce abokanka na masallaci sun ba ka shawara ka tura kuɗi ka yi zamanka a gida. Ni ban yarda da wannan ba. Ka je da ƙafarka, amma kafin ranar a san abin da za ka kawo, da wanda zai riƙe wuƙa, da tukunyar da za ka ci. Rigimar irin gidajenmu a nan take tashi. Ban taɓa ganin an yi faɗa kan aƙida a tsakiyar biki ba, amma na ga zumunci ya lalace a kan kwanon nama.

Fara da rana, don ita ce ta fi gaggawa. Mutanen Moba suna ajiye babban makoki sai rani, bayan an kai amfanin gona rumbu, kuma an riga an wuce Tingban-Paab tun Disamba. Bana azumi biyu ne za su kama tare. Larabar Toka ta Katolika ranar 18 ga Fabrairu ce, mu kuma muna sa ran ɗaukar namu a ranar ko washegarinta, gwargwadon ganin wata. Don haka kada ka je musu da cewa a matso da rana saboda Ramadan, sai a ga suruki ɗaya yana juya dangi duka. Maman yara ta tuna wa yayyenta cewa kiɗa da shagali a cikin kwana arba'in ɗinsu ba zai yi wa Fada daɗi ba. Hujjar tasu ce, amfanin na kowa. In aka sa makokin a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, kai ma ka huta da zama da ƙishirwa a rana ana ta ciye-ciye a gabanka.

To, batun akuya da dawa. Kana da gaskiya, ba za ka sayi dabbar da za a zubar da jininta a wurin tsafin gida ba, ba kuma za ka sayi hatsin giya ba. Sai dai ka gane abin da suke nema a wurinka. Ba imaninka suke auna ba. So suke jama'a ta ga mijin 'yarsu ya ɗauki nauyinsa kamar sauran surukai, domin a can abin da suruki ya kawo a bainar jama'a ake nuna shi, kuma matar da mijinta ya zo hannu rabbana ita ke kwana da kunyar shekara da shekaru. Saboda haka musanya za ka yi, kuma musanyar kada ta gaza abin da aka yanka maka, gara ma ta ɗara. Ni a ganina rago ɗaya mai kyau na abincin baƙi, buhun shinkafa mai kilo 50, jarkar mai, lemon kwalba, sannan ka ɗauki hayar rumfa da kujeru. Rumfa abu ce da kowa ke zama a ƙarƙashinta, kowa kuma zai tambayi wanda ya kafa ta.

Kaya za ka kai, kada ka ba da tsabar kuɗi a zuba a asusun dangi. Kuɗi in sun shiga jaka ɗaya babu mai iya ce maka ga inda naka suka tafi, kai kuma ka zauna da waswasi.

Kuma ba kai za ka faɗi wannan da bakinka ba. Suruki ba ya ciniki da gidan surukansa ido da ido, wannan ko a zango haka ne. Ka nemi kawun maman yara, ɗan'uwan mahaifiyarta, ka je masa da goro kai da wani dattijo daga cikin mutanenmu na kasuwa, ka ce addininka ya hana ka abu kaza, ga abin da kake roƙon a karɓa a madadinsa. In da hali a sa malamin cocinsu a maganar, wanda ke koyar da masu shirin baftisma. Za ka yi mamaki, shi ma ba son yankan kakanni yake yi ba, kuma cikin surukan da ke zuwa coci akwai masu neman mafita irin taka. Ga yadda za ka gane ko an karɓa. In kawun ya ce a ba shi kwana biyu ya tuntuɓi manya, sannan ya dawo da ƙarin abu, misali a haɗa da zabi biyu, to magana ta zauna. In kuwa tun a zaune aka ce maka ba komai, kada ka wahalar da kanka, to akwai komai. Ka sake aikawa.

Ranar kanta, ka ɗauko mahauci Musulmi daga kasuwar Dapaong tun da asuba, ya yanka ragon a wajen gida, nesa da inda suke nasu yankan, ya feɗe, ya raba. Na san wani zai ce maka ai yankan Kirista halal ne, kuma haka yake a Suratul Ma'ida. Amma a gidan makoki na Moba hannu da yawa ne, akwai mai zuwa coci, akwai mai bin na gargajiya, akwai mai haɗa biyun, ga naman alade yana yawo a faranti. Ba za ka tsaya kana tambayar kowace tsoka asalinta ba. Ni zan zo da tukwanenmu biyu manya da ludayi da wuƙaƙe, in kafa murhu a gefe ni da wata cikin 'yan'uwan maman yara. Sharaɗi ɗaya ne: tukunyar nan ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Duk wanda ya miƙo kwano a zuba masa, kuma kwanon farko gwauruwar marigayi za a kai wa. In muka killace ta muka hana, mun ce musu su ƙazamai ne ke nan ba tare da mun buɗe baki ba.

In za a yi addu'ar coci, ka raka matarka. Ka zauna a baya, in an miƙe ka miƙe, in an durƙusa ka yi zamanka. In an tashi layin karɓar gurasa kada ka bi, su kansu ba sa ba wanda ba ɗan cocinsu ba, don haka babu mai ganin laifinka. Ba za ka yi wa marigayin salla ba, ba za ka roƙa masa gafara ba, wannan malamanmu sun gama magana a kai. Ta'aziyya kuwa ta masu rai ce: Allah ya ba da haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari. Lokacin da za su shiga yankan kakanni, ka ja yara ku fita da sunan duba baƙi. Azahar in ta yi, ka nemi inuwa ka shimfiɗa dardumarka a fili, kada ka ɓuya.

Su abokan naka masu cewa duk wannan sassauci ne, ka tambaye su ko sun taɓa zuwa Sokode lokacin Gadao-Adosa. Garin da ake kira na Musulmi, inda kakanninmu fatake suka sauka a Didawure a kan hanyar goro ta Gwanja, shi ne ya ɗaure godiyar Kotokoli ga kakanni da watan Mauludi a biki guda, ga mahaya dawaki, ga samari suna gwada wuƙa a jikinsu. Malamai suna wa'azi a kai, wasu su je, wasu su ƙi, kuma da magariba duk sahu ɗaya ake yi. Mu da muka tashi a nan ba mu da bakin yi wa Moba dariya.

Saura abin da ya shafi gidanmu, don nauyin ba a kan dangin matarka kaɗai yake ba. In wata ya tsaya yadda ake lissafi, ƙaramar Salla za ta faɗo wajen 20 ga Maris, kuma Juma'a ce, a tsakiyar azuminsu. Katolika ba sa cin nama ranakun Juma'a na wannan lokaci. Ka san Inna: ta zuba wa surukarta kaza, surukar ta ture, shi ke nan an samu zancen shekara, wai tana ƙyamar abincin Salla. Na riga na fara yi mata bayani, kuma zan yi miyar busasshen kifi daban. Haka in kuna buɗa baki a gida ranar Juma'a, kada ka matsa wa matarka. Ita ma Ista tana nan ranar 5 ga Afrilu. Ka ɗinka mata sabon zane kamar yadda kake yi da Salla, ka sayo kajin ka yanka da hannunka, ta dafa, ku ci tare. Inna ta ƙi cin abincin Kirsimetin da aka aiko mata ne don babu wanda ya gaya mata kai ka yanka.

Babbar Salla kuma, ƙarshen Mayu, za ka ji masu cewa a mazhabar Malikiyya makaruhi ne a aika wa wanda ba Musulmi ba naman layya. Akwai wannan magana, wasu mazhabobi kuma sun halatta. Abin da Baba yake yi, Allah ya jiƙansa, shi ne ya yanka ɗan akuya daban wanda ba na layya ba, a soya, a rarraba wa maƙwabtanmu Kabiye. Ka yi wa surukanka haka, babu malamin da zai ce uffan.

Maganar baftismar yara ban sa ta a nan ba da gangan. Maman yara ta yi wa coci alkawari kafin bishop ya ba da izinin aurenku, kai kuma ka raɗa musu suna ka yi musu huɗuba a kunne. Wannan zama take so, ku biyu, a lokacin da babu biki a gaba. Kada ka yarda wani ya tayar da ita a gidan makoki.

Da zarar an tsayar da rana ka sanar da ni. Tafiyar ta kusa kilomita 300, ga hawan Alejo, ga shingayen jami'an tsaro bayan Mango tun da aka sa dokar ta-ɓaci a yankinku a 2022, don haka motar asuba zan shiga, in iso kwana biyu kafin ranar. Ka tanadar mini itace da gawayi, yaji da daddawa zan taho da su. Ka tambayi maman yara ko mahaifiyarta tana cin man shanu.

A gaida ta da kyau, a shafa mini kan yara.

Yayarka