Motar da ke Ƙofar Gida

Ɗana, ka tambaye ni ko laifi ne ka goge motar da ta tare gaban gida kafin ka ɗora hoton a talla. Na tsufa a dillancin gidaje a Minna, daga Bosso har Chanchaga, don haka zauna ka ji.

Motar kanta ba ta cikin ciniki. Mai saye ba zai tare da ita ba, cire ta ba algus ba ne. Damuwata abin da ke bayanta. Wayarka ba ta taɓa ganin bangon da motar ta rufe ba. Idan ka shafa yatsa, manhajar tana kwaso launi da zanen bulo daga gefe ne ta cike gurbin, ta gina maka bango lafiyayye ko da na gaske ya tsage.

Na ga wannan da idona a Kpakungu. Wani matashin dillali ya goge wata tsohuwar bas, sai hoto ya fito da katanga sumul da daɓe shimfiɗe. Alhali a bayan bas ɗin kwalbati ce karyayya, gindin katangar kuma ya yi baƙi saboda ruwan da ke kwanciya duk damina. Wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki ya biya hayar shekara daga Abuja, ya sayi kifi a ruwa. Watan Agusta na kamawa, sai ga shi yana naɗe wando kafin ya shiga gidansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuɗin la'ada ya koma, sunan yaron bai dawo ba.

Saboda haka ka nemi mai motar ya matsar da ita, ko ka dawo da hantsi bayan an fita aiki. Haƙurin awa biyu ne kawai. In ta mutu a wurin, zaga bayanta ka duba da kanka, ka ɗauki hoto na biyu daga can. Ajiye hoton asali, ka rubuta a ƙarƙashin gyararren cewa an cire mota. Kada ka zaci ba a ganewa: inuwar motar kan saura a ƙasa, layin bulo ya maimaita kansa, bakin get ya karkace.

Amma in gidan na maƙwabtaka da garejin makanikai, ko tifa na kwana a ƙofar kullum, kada ka taɓa. Wannan motar ta zama halin wurin, mai saye zai wayi gari da ita. Malamanmu sun ce aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa mai hatsin da ya binne jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe.

Gobe kafin ka buɗe wayar, je ka leƙa bayan motar tukuna. Allah ya yi maka albarka.