Jawabin da aka auna da numfashi

Makirufo yana ƙara girman abin da ya fito daga baki, amma ba ya mayar da abin da mai magana ya haɗiye. Idan gaɓar ƙarshe ta mutu a maƙogwaro, duk yadda aka buɗe lasifika babu abin da zai kai kunnen jama'a sai hucin numfashi. Saboda haka wanda zai rubuta wa mai sanyin murya jawabi, aikinsa na farko shi ne ya san iyakar numfashin mutumin, sannan ya yanka jimlolinsa daidai da ita.

Wata ɗaliba mai nazarin Hausa a Damagaram ta gane haka sa'ad da mahaifinta, ma'ajin ƙungiyar iyayen yara ta wata makaranta, zai karanta bayanin kuɗi a taron shekara. Dattijo ne wanda muryarsa ta yi rauni bayan doguwar jinya. An kuwa fara raɗe-raɗi a unguwa cewa kuɗin gyaran rufin aji sun salwanta. Da wani ya karanta a madadinsa, da an ce kunya ce ta hana shi tashi. Dole ya faɗa da bakinsa, dole kuma na sahun baya su ji.

Magatakardan ƙungiyar ya riga ya rubuta jawabin, kuma a takarda babu aibi gare shi. Ɗiyar ta roƙi mahaifin ya karanta mata a zaune, tana riƙe da fensir, tana sa alama duk inda ya tsaya shan iska. Ta tarar kalma shida ko bakwai yake kaiwa da ƙarfi, daga nan muryar ta fara dusashewa. Ta kuma duba agogo, ta ga idan bai yi gaggawa ba yana karanta kalma wajen 90 a minti ɗaya. Minti biyar aka ba shi, wato kada jawabin ya wuce kalma 450. Na magatakarda ya kusa ninka haka, sai ta fara da zubar da doguwar gaisuwar manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ta bar sallama da gaisuwa guda ga kowa.

Jimlar da ta fi damun ta ita ce wadda mutuncin tsohon ya rataya a kanta: “Kwamitin bai taɓa kuɗin da iyaye suka tara bara domin gyaran rufin ajin da iska ta yaye ba.” Kalma goma sha biyar ne tsakanin “bai” da “ba” ta ƙarshe. Hausa kuwa tana da wata ɗabi'a da duk ɗalibin karin sauti ya sani: a jimlar bayani murya tana gangarowa sannu a hankali daga farko zuwa ƙarshe, ta yadda sautin sama na ƙarshen jimla yake fitowa ƙasa da na farkonta. Mai ƙarfin murya yana da rarar da zai kai ƙarshen gangaren. Mai sanyin murya yana isowa can numfashi ya ƙare, sai “ba” ta biyu ta ɓace. Ita “bai” ta farko gaɓa ɗaya ce mai sautin ƙasa, tarin wani a cikin taro ya isa ya rufe ta. Abin da zai rage a kunnen na baya shi ne kwamiti, da taɓa, da kuɗin iyaye, wato ainihin zargin da ake son kashewa.

Ta raba jimlar uku, kowace a layinta:

Kuɗin gyaran rufi suna nan.
Kwamiti bai taɓa su ba.
Ko dala ɗaya ba ta fita ba.

Ta sa tabbatarwa a gaba, domin “suna nan” ba ta dogara da wata ƙaramar gaɓa da za ta iya faɗuwa ba. Korewa ta biyo baya, kalma biyu kawai tsakanin “bai” da “ba”. Layi na uku maimaici ne da gangan: mai karatu yana iya komawa baya da idonsa, mai sauraro kuwa sai an dawo masa da maganar.

Akwai wata matsala da rubutun boko yake ɓoyewa, tunda ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Jawabin ya ce: “Magini ya zo ya duba rufin.” Idan aka ja wasalin “ya” da sautin sama, maginin ya riga ya zo. Idan aka gajarta shi da sautin ƙasa, umarni ne ake ba shi ya zo. Raunanniyar murya cikin lasifika mai kuwwa ba ta cika raba waɗannan biyu ba, kuma dattijon da kansa ya yi tuntuɓe a wurin. Ta mayar da shi: “Magini ya riga ya zo. Ya duba rufin ran Talata.” Kalmar “riga” da sunan ranar suka ɗauke wa wasalin nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Lissafin kuɗi ma ta sake masa tufafi. Magatakarda ya rubuta 320.000, abin da zai tilasta wa tsohon ya tsaya yana juya alƙaluma zuwa magana a gaban jama'a. Ta rubuta da kalmomi yadda ake ƙirga a kasuwa, “jika ɗari uku da ashirin”, ta ba adadin layinsa shi kaɗai, ta kuma bar fili a ƙasansa. Ƙa'idarta ita ce ƙarshen layi numfashi ɗaya, fili kuwa ya ƙirga uku a zuci. Da mahaifin ya ce shirun zai sa a zaci ya rikice, sai ta ce: “Baba, a cikin shirun nan ne suke lissafi. In kun wuce da sauri, adadi na biyu zai ture na farko.”

Sauran gyaran na riƙon makirufo ne. Baƙin “f” na Hausa da leɓɓa ake furta shi, yana fito da iska, haka ma “h”, kuma iskar tana bugun makirufo idan an manna shi a baki. Idan kuma aka nisanta shi aka ƙure ƙarar na'ura, lasifika ta kama kuka. Suka tsaya a kan faɗin yatsu huɗu daga baki, a ɗan karkace gefe. Ta kuma rubuta jawabin da manyan haruffa a rabin takarda na sama kawai, domin mai karanta ƙasan shafi yakan sunkuyar da kai, bakinsa ya bar makirufo daidai lokacin da muryar take raguwa.

Wannan hanya tana da iyakarta. Gajerun jimloli masu tsawo ɗaya, idan suka jeru da yawa, suna zama kamar kiran sunaye a aji, kuma dalili yana ɓacewa idan aka zubar da kalmomin haɗi. Shi ya sa ta bar “domin” da “amma” da “saboda haka” a farkon layi, inda numfashi yake sabo, ta kuma bar jimla mai kalma goma nan da can, a raba ta layi biyu a inda waƙafi ya faɗo. Gwajin ƙarshe a tsakar gida aka yi shi: ƙanenta ya tsaya a bakin zaure yana maimaita abin da ya ji, duk layin da ya kasa maimaitawa daidai aka sake rubuta shi. Layi huɗu ne suka faɗi a karon farko, uku daga ciki kuwa da “ba” suka ƙare.