Aikatau a Madadin "Alhaki" a Takardar Neman Aiki

A Meiganga, hedikwatar yankin Mbere a jihar Adamawa ta Kamaru, ƙungiyoyin agaji sun yawaita tun da 'yan gudun hijirar Afirka ta Tsakiya suka kwararo a 2014, aka kafa sansanonin Borgop da Ngam. Masu neman aiki a wurinsu da Faransanci suke rubuta takardar bayanin ƙwarewa, kuma da wuya a karanta ɗaya ba a ci karo da "responsable de" ba. Hausarsa ita ce "mai alhakin" ko "mai kula da". Laifin kalmar guda ne: tana faɗin abin da aka ɗora wa mutum, ta yi shiru a kan abin da ya aikata. Wanda ya riƙe amana da wanda ya yi barci a bakin ƙofa duk suna iya rubuta ta.

A ɗauki misalin magatakardan sito da ya rubuta, "Ni ke da alhakin kayan abinci." Da za a tambaye shi da Hausa me yake yi daga safe zuwa la'asar, aikatau ne za su zubo: ya karɓi kaya, ya ƙidaya, ya shigar a littafi, ya raba. Daga nan jimlar kirki take fitowa: "Na ƙidaya buhu 400 na masara, na rarraba su ga iyalai 200 cikin kwana 3." Idan wannan ta tsaya da ƙafarta, juya ta zuwa Faransanci ba wuya.

A nan ɗalibin Hausa yake da riba, domin siffar aikatau kanta tana ɗauke da labari. A rabe-raben da Parsons ya yi a 1960, saiwa ɗaya takan ba da ma'anoni dabam-dabam. "Na sayi shanu" ciniki ne kawai. "Na sayo shanu" ya nuna an yi tattaki, wataƙila har kasuwar Ngawi, an dawo da su. "Na saye shanun" na nufin ba a bar ko ɗaya ba, "na sayar da shanu" kuwa ya juya cinikin gaba ɗaya. Haka ninki yake: wanda ya "raba" zai yiwu sau ɗaya ya yi, amma wanda ya "rarraba" ya bi mutane da yawa ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai aikatau mai ƙarfi bashi ne da ake biya ranar ganawa. Wanda ya rubuta "na jagoranci rabon abinci" za a tambaye shi mutum nawa ke ƙarƙashinsa, wa kuma ke sa hannu a takardar fitar da kaya. In amsar ita ce maigidansa, to "na auna" ko "na tantance sunaye" ya kamata ya rubuta, ko da sun fi ƙanƙanta a ido. Aikin da aka bari kuma da "na" ake ba da labarinsa, wanda ake kai har yanzu da "ina".