Takalmin Keke da Matakala

Kilomita 12 ne daga ɗakina zuwa jami'armu a Holand, kuma da keke nake zuwa. Da kambas na fara, amma kafin in isa sai tafin ƙafata ya ɗau zafi. Ashe ƙasan kambas taushi gare shi: yana lanƙwashewa a kan feda, nauyina ya taru wuri guda.

Na tsakuri kuɗin cefanena na sayi takalmin keke mai taurin ƙasa. Zafin ya tafi. Sai dai ranar da aka yi ruwa, ƙarfen ƙasansa mai kama feda ya kwashe ni a matakala, na gurɗe.

Yanzu mai ƙasan roba mai tauri nake sawa, marar ƙarfe. Kafin in saya nakan lanƙwasa shi da hannu. In ya naɗu kamar tabarma, sai in ajiye musu kayansu.