Igiya ɗaya, fili uku: darasin awo a filin lakkol

 An gama girbin hatsi, kara ya samu ko'ina, shi ya sa nake shirin fitar da ƴan ajina na CM2 waje mu yi lissafi bisa ƙasa.

Abin da ke damuna guda ne. Yaro ya hardace cewa ana ninka tsawo da faɗi, amma ka nuna mishi garka ka ce shinge nawa za ta ci, kuma wurin shuka nawa ke cikinta, sai ya ba ka amsa guda. Wanda ya girma da wannan ruɗu, ranar rabon gona ko sayen fili ana iya cutar shi yana kallo.

Kayan aikin ba na kuɗi ba ne: karan hatsi, turaku huɗu, da igiya mai metir 24. Tun a aji za mu aza kowane kara bisa sandar metir mu yanke shi daidai. Ita kuma igiyar, a kowane metir mu ɗaura ƙyalle, sannan mu haɗe bakinta biyu. Ba na son ƙulli, don yana cin tsawon igiya.

Da safe, kafin rana ta yi zafi, zan raba yaran kashi uku, su karɓi igiyar bi da bi. Na farko su ja fili mai metir 10 bisa 2, na biyu 8 bisa 4, na uku 6 bisa 6. Su shata iyaka da ƙafa, sannan su jera kara huɗu-huɗu su fitar da ɗakuna masu metir ɗaya kowane gefe, su ƙirga. Za su samu 20, da 32, da 36. Kewaye bai canza ba, metir 24 ne duka, amma fili na uku ya kusa ninka na farko. Sai in tambaye su: mai noman dankalin turawa a fadamar Dutse, da shinge iri ɗaya, wanne zai zaɓa?

Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Na ɗaya, kusurwa ta karkace, ɗakunan su ƙi cika a gefe. Maganinta, a auna filin daga kusurwa zuwa kishiyarta, duka biyun. In ba su zo daidai ba, a gyara turaku. A fili 8 bisa 4, kowace ta kusa metir 9. Na biyu, yaro ya ƙirga ƙyallen da ke bisa turke ya ce "ɗaya", alhali nan sifiri ne. Da ka ji amsa ta wuce da metir ɗaya cif, to nan matsalar take.

Iyaye, in yaro ya dawo gida ya ce a ara mishi igiyar guga zai auna tsakar gida, don Allah ku ba shi. Ku ma ku tsaya ku riƙe mishi baki ɗaya.