Ranar da na ce "zan iya", Baturiya ta ji "ba zan iya ba"

1/ Zare ne, ku gyara zama. Bara na rasa wani aiki na onlayin saboda kalma ɗaya mai harafi uku. Nahawuna daidai yake, ban kuma rasa abin faɗa ba. Kiɗan maganata ne ya kayar da ni. Idan an taɓa ce maka Turancinka yana gutsurewa ko kana gudu, wannan naka ne.

2/ Intabiyu ce ta bidiyo da wata Ba'amurkiya. Ta tambayi yaushe zan fara aiki. Na ce: "I can start at the end of the month." Sai ta ɗan yi shiru, ta tambaye ni to me zai hana ni. Na maimaita. Ta sake tambaya. Wallahi sai a karo na uku na gane "can't" take ji.

3/ Abin da na yi daga nan shi ne ainihin wautar. Na ɗauka jinkiri ne matsalata, tunda su a fim kamar ana korar su suke magana. Sai na ƙara wuta. Daga nan kusan duk amsar da na bayar sai ta ce in sake. Bayan kwana biyu saƙon ban haƙuri ya iso.

4/ Ni ne fa wanda ake kwafar amsarsa a aji. Tambayoyin nan na zaɓar gaɓar da aka rubuta da manyan baƙaƙe, cinye su nake a takarda. Ashe na san inda ƙarfin kalma yake da biro, bakina bai sani ba.

5/ Na kai kukana wurin Gwaggo, wadda ta shekara da shekaru tana koyar da Turanci kafin ta yi ritaya. Ta ce in faɗi jimlar yadda na faɗa ranar. Na faɗa. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, keken ɗinki kake yi musu. Su kuma lugude kunnensu ya saba da shi."

6/ Ga abin da take nufi. Keken ɗinki kowane ɗinki tsawonsa ɗaya: ta-ta-ta-ta. Lugude kuwa taɓarya ce ke riƙe da lokaci. Tsakanin faɗuwarta da ta gaba, mai daka za ta iya tafi ɗaya, ko biyu, ko uku. In tafin ya yi yawa, shi ake gaggautawa. Taɓarya ba ta jiran kowa.

7/ Haka masana suka daɗe suna kasa harsuna. Akwai masu tafiya gaɓa-gaɓa, inda kowace gaɓa ke samun kusan rabo ɗaya na lokaci. Akwai masu tafiya da gaɓar da aka danna, inda dannawar ce ke zuwa a kan kari, sauran gaɓoɓin kuma a matse su a tsakani. Turancin Ingila da Amurka yana cikin na biyun.

8/ Kenneth Pike ne ya raɗa wa kashin biyu suna a 1945. A 1967 David Abercrombie ya sa Faransanci da Yarbanci da Telugu a masu gaɓa-gaɓa, ya sa Turanci da Rashanci da Larabci a ɗaya ɓangaren. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa, don maganar ba ta tsaya nan ba.

9/ Gwaggo ta ce in buga tebur sau uku a kan kari ɗaya, in ɗora waɗannan a kai:

BOYS BUY BREAD
the BOYS will BUY the BREAD
the BOYS would have been BUYing the BREAD

Gaɓa 3, gaɓa 6, gaɓa 9. Bugun tebur dai uku ne a duka.

10/ Ta farko ta tafi lafiya. A ta uku hannuna ya tsere wa bakina, don ina ba "would" da "have" da "been" cikakken haƙƙinsu. Ita kuwa da ta faɗa, kalmomi ukun nan sun dunƙule sun koma kamar "wədəbin". Ta tara tata ta ɗan fi ta uku tsawo, amma ba ta kusa ninka ta uku ba. Tawa ta ninka.

11/ Wannan alamar ə ita ce sirrin. Sunanta shuwa, ba ruwanta da Larabawan Shuwa na Borno. Wasali ne malalaci: baki a ɗan buɗe, harshe a kwance a tsakiya, sauti gajere. Shi ne wasalin da ya fi yawa a Turancin baka, kuma ba shi da harafin kansa a rubutu. Shi ya sa mu da muka koya daga allo ba mu san da zamansa ba.

12/ Mu koma jimlar da ta kayar da ni. Gaɓa tara ce, uku kawai ake dannawa:

i can START at the END of the MONTH

Kiɗanta da-da-DAM, da-da-DAM, da-da-DAM. "can" ta koma kən, "at" ta koma ət, "of" ta koma əv, "the" ma wasalinta ya kwanta.

13/ Ni kuma na ba "can" cikakken wasali, na danna ta. A bakin Ba'amurke, "t" ɗin ƙarshen "can't" sau da yawa ba ya fitowa fili. Abin da kunnensa ke dogaro da shi shi ne: in ya ji kən a gajarce, an iya. In ya ji ta cike da ƙarfi a tsakiyar jimla, ba a iya ba. Matar ba ta yi kuskure ba, abin da na ba ta ta karɓa.

14/ To me ya sa bakinmu ke yin haka? Kar wani ya ce Hausa keken ɗinki ce tsantsa, ba haka ba ne. Muna da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Garin da ake zama da garin tuwo, tsawon wasali ne ya raba su. Amma a Hausa tsawon na kalmar ne, tun asali da shi ta zo. Ba ma ƙwace lokacin wata gaɓa don maƙwabciyarta ta fi ta muhimmanci a jimla.

15/ Na biyu, gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a cunkushe. In sun zo mana sai mu raba faɗa da wasali. Haka muka samu burodi da burki da sukurudireba. A Hausa wannan daidai ne. Amma in ya biyo ka cikin Turanci, "start" mai gaɓa ɗaya ta zama "sitat" mai biyu, ka ƙara wa jimla tafin da babu shi.

16/ Na uku shi ya fi ba ni mamaki. Babu kalmar Hausa da ke farawa da wasali a furuci. Ka faɗi "aiki" ko "ido" a hankali, za ka ji maƙogwaro ya ɗan rufe kafin wasalin, wato hamza, ba ma dai rubuta ta a farkon kalma. Wannan hamzar nake sa wa "at" da "end" da "of". Burki uku a jimla ɗaya. Gutsurewar da ake ji ke nan.

17/ Su kuma jonawa suke yi. Baƙin ƙarshen kalma yana tsallakawa ya kama wasalin ta gaba. "start at" ta zama "star-tət", "end of" ta zama "en-dəv". Numfashi ɗaya, babu tsayawa.

18/ Saura batun gudu. Da na ƙara wuta, dukkan gaɓoɓi tara na gajarta daidai wa daida, har da ukun da ke ɗauke da saƙon. Kunnen mai Turanci gaɓoɓin da aka danna yake takawa, kamar duwatsun tsallake rafi. Na nutsar da su duka, ta rasa inda za ta sa ƙafa. Wanda ake cewa yana gudu sau da yawa bai fi kowa sauri ba, wurin tsayawa ne babu a maganarsa.

19/ Don haka maganin ya zo mini a juye. Gwaggo ta ce, "Ja ukun nan, ka ƙyale sauran su ji da kansu." Mu mun saba nuna ƙarfi da ɗaga murya sama kawai, don harshenmu na karin sauti ne. A Turanci gaɓar da aka danna tana ɗaga murya, tana kuma ƙara tsawo da amo. Jan wasali kuwa ai gadonmu ne, garin tuwo ya koya mana.

20/ Yadda nake gwada kaina yanzu: in ɗauki jimla ɗaya a waya, sannan in rufe baki in yi gunjinta, mm-mm-MMM. In gunjin ya fito a shimfiɗe kamar ƙarar janareta, keke ya dawo. In na ji tudu da kwari, an samu. Jimla ɗaya a rana ta fi shafi guda amfani.

21/ Amma a yi hattara, ba ko'ina ake kwantar da kalmomin nan ba. A ƙarshen jimla cike suke: "Yes, I can." Haka in kana musu da wanda ya ce ba za ka iya ba. Na taɓa zaƙewa ina haɗiye komai, har ƙanwata ta tambaye ni ko goro ne a bakina.

22/ Na ce zan dawo kan masana. A 1982 Peter Roach ya auna harsuna shidan nan na Abercrombie, bai samu rabuwar da ake faɗa ba. Tazarar dannawa a Turanci ba daidai take cif ba, in gaɓoɓi sun yi yawa tana ƙaruwa. Yau an fi ganin abin a matsayin tsani, kowane harshe da matakinsa. Abin da kunne ke ji ya fi fitowa daga kwantar da wasali da cunkoson baƙaƙe. Lugude hanyar koyo ce, ba agogo ba.

23/ Kuma keken ba aibi ba ne. Turancin Najeriya da na Indiya da na Singafo duk sun karkata wajen gaɓa-gaɓa, ana kasuwanci da shari'a da su kullum. In ina magana da abokina Ibo a Sabon Gari, cikakkiyar "can" ta fi fita, kən sai ya ce ina yanga. Ban jefar da nawa ba, na ƙara giya ɗaya ne, ina sa ta idan na ga mai sauraro.

24/ Aikin nan dai ya tafi, kuma har yau in na tuna fuskar matar sai in ji wani iri. Watan jiya na sake shiga wata intabiyun, yatsana yana buga cinya a ƙarƙashin tebur inda kyamara ba ta gani. Babu wanda ya ce in maimaita. Da na gaya wa Gwaggo, cewa ta yi in albashi ya fara shigowa, kuɗin lugude atamfa ce.